Kwana 12 na shiru, saƙon murya ɗaya ya kashe ciniki

Ranar Alhamis da ta wuce, da na dawo daga Kasuwar Dole, na biya ta garejin wani yaro mai walda a Sabon Gari, ɗan wani aminina ne da na sani tun yana goye. Na tarar da shi tsaye bakin ƙofa, waya a bakinsa, yana ɗaukar saƙon murya. Da kunnena na ji abin da ya ce: "Alhaji, yau kwana 12 da na turo maka debi, ka gani ka yi shiru. In ba ka so ka faɗa mini, ni ma ina da abin yi." Babu sallama, babu ina wuni, babu ya iyali. Kafin in buɗe baki ya tura. Wallahi har na iso gida raina a ɓace yake, kuma ɓacin ran ne ya zaunar da ni rubuta wannan.

Aikin ba ƙarami ba ne ga yaro irinsa. Dattijon yana gina gida ne, ya nemi ƙofofin ƙarfe 2 da tagogi 6. Yaron ya je ya auna, ya rubuta takardar farashi, wadda muke ce wa debi: kowace ƙofa jika 85, kowace taga jika 35, kuɗin kafawa jika 20, jimilla jika 400. Ya ɗauki hotonta ya tura ta WhatsApp, alamar an karanta ta fito, daga nan bai sake jin komai ba. Bai kira ba, bai je ba, yana zaune yana ƙirga kwanaki yana cika yana batsewa, har ranar da ya fashe. Daga baya muka ji labari: an yi wa Alhajin rasuwa a Mirya, ya yi mako yana zaman makoki, sannan magininsa bai gama zuba linta ba, don haka ko awon tagogin bai tabbata ba. Amsar da ya maido gajera ce, "To, Allah ya ba mu alheri." Duk ɗan Damagaram ya san abin da wannan ke nufi. Aikin ya tafi wani gareji.

Ƴan uwana matasa masu sana'a, da masu walda, da kafintoci, da masu ɗinki, da masu haɗa sola, wa ya ce muku shiru zagi ne? Wa ya koya muku cewa debi sammaci ne, wanda dole a amsa shi a ranar da kuka yanka? Mutum ya nemi farashi ne, bai ci bashinku ba. Kuɗin yana aljihunsa, kai ne mai nema, kuma zafin nema ba ya kawo samu. Na ga mai kira sau 9 a jere lokacin da mutane ke hutun azahar. Na ga mai tura alamar tambaya tsirara, ba ko kalma ɗaya, ga mutumin da ya haife shi. Na ga wanda ya fi su duka muni, mai hawa shafinsa yana habaici, wai "masu tambayar farashi ba su da kuɗin saye", alhali wanda yake nufi yana da lambarsa kuma yana gani. Baki shi ke yanka wuya. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, balle saƙon murya da ake ajiyewa a sake saurare, a kunna wa ɗan uwa da maƙwabci.

Shirun mai saye yana da dalilai, kuma mafi yawansu ba su shafe ka ba. Wani albashi yake jira. Wani sai ya sayar da wake ko rago. Wani ɗansa da ke Agadas ko Yamai ne zai turo kuɗin, shi mai karɓar takarda ne kawai. In kuwa ofis ne ko ƙungiya, sau da yawa sai sun tara takardun farashi 3 daga wurare daban-daban sun gwada, sannan takardar ta bi ta hannun mai lissafi, ta jira sa hannun shugaba wanda wataƙila yana tafiya. Wanda ka miƙa wa takardar ba shi ne mai yanke magana ba, to in ka huce a kansa me ka samu? Akwai kuma wanda kuɗin ya yi masa yawa, kunya ta hana shi faɗa. Mu Hausawa ba mu iya cewa "a'a" ƙiri-ƙiri ba, kowa ya san wannan. Irin wannan mutumin in ka zo masa da zafi ka rufe masa baki ke nan har abada, in ka zo da taushi shi da kansa zai gaya maka inda takalmin ke matsa shi.

Laifin yaron nan na farko ma ba saƙon ba ne, kwana 12 ɗin ne. Bayan kwana 3 ko 4 ya kamata ya taɓa Alhajin, ba don neman amsa ba, don tabbatar da takardar ta isa kuma tana karantuwa. Alamar shuɗi a waya ba shaida ba ce, yaro na iya buɗe saƙo yana wasa, hoto na iya ƙin sauka saboda rashin rezo. Da ya rubuta: "Salamu alaikum Baba Alhaji, barka da wuni, ya iyali? Ni ne mai waldan da ya auna ƙofofi da tagogin sabon gida ranar Asabar. Na turo takardar farashin, ina so in tabbata ta iso kuma rubutun ya fito." Shi ke nan. Ka gaishe shi, ka tuna masa ko wane ne kai da aikin da ake magana, ka yi tambayar da kalma ɗaya ke amsa ta. Da wannan ya tura, da a ranar zai ji zancen rasuwar, da ya yi ta'aziyya, da ya shiga ran dattijon ta ƙofar da babu mai waldan da zai fitar da shi.

In mako ya sake zagayowa shiru, sai ka je da ƙafarka, zuwa da kai ya fi saƙo. Mirya ma ba nisa gare ta ba, balle unguwa zuwa unguwa. Ka zaɓi lokaci, bayan la'asar a bakin gini ko ƙofar gida, ba ranar Juma'a ana shirin masallaci ba, ba tsakar rana ba. Ka durƙusa ka gaida mutum, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle dattijo. Sannan kada ka ce "me ka yanke?" Wannan tambayar tana matse mutum a lungu. Ka ce, "Baba, ko akwai abin da kake so a gyara a takardar, ko awon, ko kaurin ƙarfen?" A nan ne za ka ji gaskiya. In ya ce linta ba ta gamu ba, ka san jira ne, ka tambayi ranar da za ka dawo ka sake awo. In ya ce kuɗin ya yi nauyi, kana da abin yi: a fara da ƙofofi 2 a jika 170 don gida ya rufu, tagogin jika 210 su biyo baya in hali ya samu.

A nan ma ina da ƙorafi. Wasunku da zarar sun ji shiru sai su zabge farashi ba wanda ya taya, "Alhaji na rage maka jika 50." Ka san abin da ka gaya masa? Cewa da farko cutarsa ka so yi. Ciniki yana da ladabinsa, sai an taya ake cewa albarka ko a sallama. Kuma kada in manta da masu rubuta debi a yagaggiyar takarda, babu kwanan wata, babu wa'adi. Ƙarfen da muke aiki da shi da yawansa ta Kano yake zuwa, farashinsa yana bin canjin naira da sefa da kuɗin mota. In ka rubuta a ƙasan takardar cewa wannan farashin na kwana 15 ne, ka sami dalili na gaskiya na tuntuɓa ba tare da ka zama mai naci ba: "Baba, saura kwana 3 wa'adin takardar ya cika, na ce in sanar da kai kada ƙarfe ya motsa in zo maka da sabon lissafi." Amma ya zama gaskiya. Masu ƙaryar "gobe kaya zai tashi" don su tsorata mutum, su sani Alhajin ma yana shiga kasuwa, yana da wanda zai tambaya. Ban ma fara zancen masu karɓar kuɗin somin aiki su kashe waya wata guda ba. Abin da ke ƙona mini rai shi ne su ɗin ne dai suka fi kowa kumfar baki in an yi musu shirun mako ɗaya.

Ba na wanke masu saye. Akwai masu karɓar takardarka su kai wa wani su ce ya rage, bayan ka ƙona mai ka je ka yi awo. Wannan ba daidai ba ne, kuma na san zafinsa, an yi mini ba sau ɗaya ba. Amma ko shi ba ya halatta rashin kunya. In ka tuntuɓa sau 3 babu motsi, ka bar maganar da fuska a sake: "Baba, na bar takardar a wurinka, duk ranar da ka shirya ina nan, sai dai mu sake duba farashi." Ka daina kira. Garin nan ƙarami ne, wanda ya ƙi ka a ƙofa yau shi zai aiko ƙanensa neman tankin ruwa baɗi, in ba ka ɓata ba.

Abin da na rasa ganewa shi ne inda wannan zafin kan ya samo asali. Mun tashi mun ga iyayenmu dukawa da maƙera a Birni da Zango, mutum zai taya kaya ya tafi, a yi wata ba a gan shi ba, ranar da suka haɗu sai gaisuwa ta yi tsawo har a tambayi lafiyar dabbobi, sannan a ƙarshe, kamar an tuna ne, a ce "af, kayan nan naka suna nan." Yaron da ke koyon sana'a yana gefe yana ji, yana koyon harshe kafin ya koyi guduma. Maigidana da ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa, ya taɓa mayar da ni tun daga Garin Malam a ƙasa don na isar da saƙon kuɗi ban fara da gaisuwa ba. Yanzu yaro ya yi wata 6 a gareji ya buɗe nasa, ya iya riƙe injin walda, amma babu wanda ya zaunar da shi ya gaya masa yadda ake yi wa babba magana. Waya ta sa ana faɗa wa dattijo abin da ba za a iya faɗa masa ido da ido ba.

Jiya na sa yaron a gaba muka je gidan Alhajin. Ya yi ta'aziyya, ya ba da haƙuri, dattijon ya karɓa ya sa masa albarka, har ya sa aka kawo mana ruwa. Muna fitowa muka ga an jingine sababbin tagogi 6 a jikin bango, fentinsu ko bushewa bai gama yi ba. Yaron bai ce komai ba har muka hau babur.