"Slm" Ba Sallama Ba Ce a Wurin Surukina

Daga Yamai na tura wa surukina jikka ashirin zuwa Tawa, na bi su da saƙo a WhatsApp: "Slm. Kuɗi sun iso?" Shiru har la'asar. Can sai ga saƙon murya. Alhaji ya jero sallama har "wa barakatuhu", ya tambayi gida, ya tambayi zafin Yamai, sannan ya ce, "To, wa ke magana? Na ga lambar mijin ɗiyata, amma ban ji muryarshi ba." Maganar kuɗi ko alama.

Ga yadda saƙon da ake tura wa babba yake tafiya, kuma tsarin ba ya juyuwa. Sallama ce farko, a rubuce cikakkiya. Dalili kuwa, Suratun Nisa'i aya ta 86 ta ce a mayar da gaisuwa da wadda ta fi ta ko irinta. To wanda aka jefa wa baƙaƙe uku, me zai mayar? Sai laƙabi: Baba, Alhaji ko Malam, sunan yanka kuwa ba ya fitowa daga bakin suruki. Sai gaisuwar lokaci, "ina kwananku" ko "ina wuninku", da "ku" ɗin girmamawa, domin "ka" na sa'anka ne. Daga nan a tambayi gida, a tambayi su Hajiya, a taɓo sanyi ko zafi. Sai an ce "bayan gaisuwa" tukuna buƙata take da izinin shigowa, a rufe da "Allah ya ƙara girma".

Inda na fi shan ƙasa shi ne tambayar kanta. "Sun iso?" tana da ƙamshin gori, kamar kana jiran a yi maka godiya. Cewa ake, "Ga ɗan abin goro nan na aiko, a yi haƙuri ba yawa," ko da jikka ɗari ne.

Na gyara, na sake turawa, albarka ta zubo har da ta jikokin da ba a haifa ba.

Sai daɗi ya ɗebe ni. Washegari ina son taubashina ya sako mini cuku a motar da ke biyowa ta Ƙonni. Mutumin da kullum nake buɗe masa saƙo da "kai bawana", ranar na shimfiɗa masa sallama, na kira shi Malam, na tambayi iyali da gajiya, har da "Allah ya bar zumunci". Tsakanin abokan wasa doguwar gaisuwa abu biyu kawai take nufi: ko an yi fushi, ko rance ake nema. Ban kai ga rubuta "bayan gaisuwa" ba amsa ta shigo: "Wa alaikumus salam, ranka ya daɗe. Wallahi ko dala ba ni da ita sai ƙarshen wata."