Takobin kakanmu da injin wasa wuƙa

Tun bayan Sallah nake son in yi wannan magana, na yi ta dannewa saboda ta shafi gida. Amma jiya na ga wani ya ɗora hoton tsohuwar butar tagulla ta mahaifiyarsa, ya goge ta tana walƙiya kamar yau aka ƙera ta, mutane na ta yi masa barka. Na ce to, gara in faɗa.

Kakanmu ya rasu ya bar takubba biyu a nan Garwa. Da aka zo rabo, ɗaya ya faɗa hannun yayana, ɗaya nawa. Iri ɗaya ne kusan: ruwa miƙaƙƙe mai kaifi biyu, layuka uku a tsakiya, kube na fata, ƙota da aka lulluɓe da tagulla. Duka biyun sun yi duhu, launin ƙasa-ƙasa mai kusan baƙi. A jikin kowanne, ƙasa da inda layukan suka ƙare, akwai tambarin jinjirin wata guda biyu masu fuskar mutum, sun juya wa juna baya.

Ana saura kwana huɗu hawan Sallah, Yaya ya ɗauki nasa ya kai wa mai injin wasa wuƙa a kasuwa. Yaron ya yi aikinsa yadda ya sani, ba ni da laifin da zan ɗora masa. Ya kara ruwan a dutsen injin har ya yi fari tas, ya bi da samfefa, ya goge ƙotar da lemun tsami da gishiri. Yaya ya ƙara da nasa, ya cire tsohuwar fatar kuben ya yar, aka ɗinka sabuwa ja, aka shafa mata man ƙyalli. Ranar hawa kuwa takobin ya yi kyau a rana, ba zan yi ƙarya ba.

Bayan wata biyu buƙata ta taso masa, ya kira wani dattijo daga Marwa mai sayen tsofaffin kaya. Ina wurin. Dattijon ya zare takobin, ya karkata shi wajen haske, ya bi da ɗan yatsa inda tambarin yake a da. Ba abin da ya rage sai ɗan inuwa. Ya mayar da shi kube ya ce, "Alhaji, wa ya yi maka wannan?" Sannan ya nemi ganin nawa, wanda ban kai wa inji ba. Abin da ya taya nawa ya fi ninki huɗu na abin da ya taya na Yaya, ni kuma ban ce ina sayarwa ba.

Yaya ya fusata. Ya ce, "Baba, ƙarfe ɗaya ne fa, maƙeri ɗaya, gida ɗaya!" Dattijon ya ce shi ma ya yarda, amma idan ya kai gaba, da me zai nuna wa mai saye?

Yawancin ruwan irin waɗannan takubba na ƙasashenmu ba nan aka ƙera su ba. Da yawa daga Turai suka zo, musamman garin Solingen na Jamus, fatake suka ratsa Sahara da su, maƙeranmu da dukawa suka yi musu ƙota da kube. Wasu kuma maƙeran gida ne suka ƙera, suka kwaikwayi tambarin Turawan suka buga nasu, domin mutane sun ɗauke shi alamar ƙarfe mai kyau. Wanda ya san harkar yana bambance su ne ta zurfin tambarin, da tsabtar gefensa, da yadda layukan tsakiya suka tafi. Duk wannan shaida a fatar ƙarfen take, zurfinta bai kai kaurin farce ba. Dutsen inji yana cinye ta cikin minti biyu. Ya kuma dasashe bakin layukan, ya bar ƙananan zane a karkace waɗanda ido mai sani ke ganewa daga nesa. Ƙarfen da aka kankare kuwa ba ya tsirowa kamar gashi.

Shi wannan duhun da muke kira datti, ba datti ba ne. Fata ce da ƙarfe ya yi wa kansa a hankali, shekara bisa shekara, daga iska da hannun da ke riƙe shi. Idan ka shafa farin ƙyalle ba ta biyo ƙyallen, santsi gare ta, kuma tana rage wa sabuwar tsatsa hanya. Ruwan takobin Yaya da aka yi wa tsirara, damina ɗaya ta ishe shi. Kun san raɓar da Binuwai ke kawo mana a Agusta. Ya zare shi ya tarar da jajayen ɗigo daga sama har ƙasa. Ƙotar ma ta yi wani ja-ja mara kyau a wurare, saboda tsami yana zuƙe ɗaya daga cikin ƙarafan da aka haɗa aka yi tagullar, ya bar jan ƙarfe a fili. Gishirin kuma ya maƙale a cikin zanen ƙotar, yana jiran danshi.

Kada wani ya ɗauka ina cewa a naɗe hannu. Ina da abokai masu wannan ra'ayin, su a wurinsu duk abin da ya tsufa haramun ne a taɓa shi, har ya ruɓe a ƙarƙashin gado. Wannan ma asara ce, sai dai ita ba ta da ƙara. Tambayar da nake yi wa kowane tsohon abu guda ce: ɓarnar da ke jikinsa ta tsaya, ko tana nan tana ci?

Nawa takobin ma yana da ciwo. Kusa da ƙota, inda danshi ya taɓa shiga kube, akwai wuri kamar faɗin babban yatsa mai tsatsa ja, tana gari, tana ɓata ƙyalle. Wannan mai rai ce, in aka bar ta rami za ta haƙa. Ga abin da na yi, kuma bai ci mini sefa dubu 2 ba. Na fara ɗaukar hoto gaba da baya, da tambarin a kusa. Na ɗiga man keken ɗinki ɗigo uku ko huɗu a kan wurin kawai, na bar shi ya kwana. Da safe na sa tsinken itace na riƙa ture garin a hankali, ina bin tsawon ruwan, ina share wa da auduga. Na maimaita kwana uku. Da audugar ta daina fitowa ja sai na tsaya, ko da yake baƙin tabo na nan da 'yan ramuka. Tsayawar nan ita ce mai wuya, don hannu yana ƙaiƙayi ya ga fari. Daga nan na share man, na shafa kaki siriri sosai, na goge da tsumma mai laushi.

Man gyaɗa ko na girki, a'a. Yana daskarewa ya yi danƙo, ya kama ƙura, ya yi wari. Kuma duk man da za ka sa wa ƙarfe kada ya taɓa fata. Da damina ba na barin ruwan takobin a cikin kube, saboda fata tana shan danshi ta riƙe shi a jikin ƙarfe. Ina ajiye su gefe da gefe a kan kanta, nesa da bango da ƙasa.

Kuben nawa ɗinkinsa ya warware kamar tsawon taƙi ɗaya, kuma duk zarewa sai ya ƙara. Wannan gyara ne da ya wajaba. Na kai wa wani tsohon baduku, na roƙe shi ya bi tsofaffin hujojin allura, kada ya huda sabo, kada ya sa gam, kada ya rina. Ya yi dariya ya ce aikin ya fi ɗinka sabo wahala, na ce na sani, shi ya sa na zo wurinka, Baba. Ɗinki irin wannan gobe wani wanda ya fi mu sani zai iya warware shi bai ɓata komai ba. Gam mai kamawa nan take ba ya fita sai da fatar, haka fenti, haka salatif da mutane ke liƙa wa tsofaffin takardu da Alƙur'anai na hannu, wanda bayan shekaru yake barin tabo ruwan ɗorawa ya cinye tawada.

Masu tagulla, ku ma koren da ke fitowa a jikinta iri-iri ne. Akwai kore mai duhu da tauri wanda ya zama jikin abin, a bar shi. Akwai mai laushi kamar kaki da ke fitowa inda tagulla ta haɗu da fata, tsinken sakace ya isa ya ɗauke shi. Sai na uku, kore mai haske kamar garin alli, yana fitowa tsibi-tsibi, ka share ya dawo. Wannan gishiri ne da danshi ke cin ƙarfen daga ciki, an fi ganinsa a abubuwan da suka daɗe a ƙasa ko aka wanke da gishiri. Ɗora abin a kan farar takarda ka dawo bayan mako, in ka ga gari ya zuba to yana ci. Kada ka wanke, kada ka shafa man ƙyalli a kai, don rufe shi kawai za ka yi yana ci a ɓoye. Ware shi daga sauran, sa shi a wuri busasshe, ka nemi wanda ya san aikin adana kayan tarihi.

Akwai hujjar Yaya da ban iya turewa gaba ɗaya ba. Ya ce takobi na ratayawa ne, kakanmu ma ya sha sauya hamila, kuma wa ya ce wannan kuben ne na farko? Gaskiyarsa. Ruwan takobi yakan girmi ƙotarsa da kubensa nesa, kowane zamani da wanda ya sake masa riga, kuma masu saye sun san da haka, ba sa ɗaukar tsohon gyara aibi. Da Yaya ya sa an ɗinka sabon kube daban don hawa, ya ajiye tsohon a akwati, da ba ni da ta cewa. Abin da ya yar da abin da ya kankare su ne asarar. Kuma duk wanda ya gyara abu zai sayar, ya faɗa. Dattijon nan na Marwa ya ce gyaran da aka gaya masa yana rage kuɗi kaɗan, wanda ya gano da kansa kuwa sai ya fara zargin komai, har tambarin, domin akwai masu binne sabon ƙarfe a ƙasa su tono shi su ce na zamanin Rabe ne, mayaƙin nan da ya ci Barno.

Yaya bai sayar ba a ƙarshe, ya ce kuɗin raini ne. Makon jiya ya aiko ɗansa da takobin a naɗe cikin zane, wai in duba masa jajayen ɗigon nan. Na sa musu mai, yau kwana na biyu ke nan. Yaron ya tambaye ni, "Baffa, watannin nan za su dawo?" Na karkata masa ruwan wajen taga, na nuna masa ɗan inuwar da ta rage, na ce ya ɗauki hotonta.