Daren da Na Raka Shanu daga Maigatari

Ranar Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, kuma ɗan kamasho ya tabbatar mini cewa motar Kano ta ƙarshe ba za ta tashi ba sai ta sami ƙarin mutum uku. Da wannan tabbacin na tafi sallar magariba, na biya ta wurin mai tsire. Ko da na dawo, mutum ukun sun samu, har da na huɗu wanda ya gaji kujerata.

Wani dattijo dillalin shanu ya dubi farar shaddar da ke jikina, ya ce, "Malam, in ba ka ƙyamar abokan tafiya, ga tirela can za ta kudu, kuma ta Kano za ta bi." Gidan gaba ya cika, saboda haka yaron mota ya nuna mini sama, inda aka gitta itatuwa a kan bodi. A nan masu rakiya suke zama, ƙafafunsu na lilo a kan ƙahonin shanun da aka ɗaure da igiya.

Ba su karɓi ko sisina ba, sai dai sun ba ni aiki. Babbansu ya bayyana mini cewa abin tsoro a wannan tafiya shi ne saniya ta kwanta, domin 'yan'uwanta za su tattake ta, kafin gari ya waye an yi asara. Alamar kuwa ita ce ka ga giɓi a jerin tozaye, ko igiyar ƙaho ta yi tauri ta ja ƙasa. Da zarar an gani, sai mutum ya sauka tsakaninsu ya murɗa wutsiyarta har ta miƙe. Ni nawa shi ne haska fitilar waya da ƙidayar tozaye.

Mun wuce Gumel lafiya. Dab da Gujungu na hango giɓi, na kwarma ihu, wani saurayi ya dira cikin duhu, aka yi ta dube-dube, ashe saniyar gajera ce kawai. Tun daga nan suka laƙaba mini suna Likita. Ana cikin dariyar ne direba ya faɗa rami, hulata ta yi tsalle ta sauka a kan ƙahon wani jan bijimi, ta zauna daram kamar don shi aka ɗinka ta. Na miƙa hannu, ya girgiza kai, kuma ban ga dalilin jayayya da shi ba.

A Yankaba suka sauke ni bayan sha biyun dare. Mai adaidaita sahu ya shaƙi iska, ya dubi shaddar da ta canza launi, ya ce, "Alhaji, sai dai ka ɗauki shata, domin babu fasinjan da zai yarda ya zauna kusa da kai." Na biya kuɗin mutum uku, shi kuwa ya yi tuƙi da kansa a waje har ƙofar gidana.