Dalilin da ya sa filin lantarki yake sifili cikin kwandakta mai rami

"Cajin bangarori ne ke soke juna, don haka sai a tsakiyar kwallo kadai filin yake sifili, ko?"

A'a, ko'ina ne cikin ramin, kuma ba dole siffar ta zama kwallo ba. Gwangwanin madara ma haka yake. Elektron na yawo a sake cikin karfe. Da akwai fili a jikinsa, da sun ci gaba da motsi, don haka idan sun natsu E = 0 a jikin karfen, fotenshal dinsa kuma daya ne ko'ina. To layin fili yana gangarowa ne daga babban fotenshal zuwa karami. In ba caji cikin ramin, dole layin ya fara a bangon ramin ya kuma kare a bangon, amma hakan ba zai yiwu ba, tunda duk bangon matakinsa daya. Don haka babu fili cikin ramin.

Sharadin da nake so ku rike: kada a sa caji cikin ramin. In an sa +q, bangon ciki zai dauki −q, fili ya bayyana.