Kati ne, ba kai ba ne

Ban so na tanka ba, wallahi. Amma abin da aka yi daren Juma'a a walimar suna a unguwar Rusaifa, nan Makka, ya wuce a haɗiye. An shimfiɗa sufura, ana zagaya gahawa da dabino, kowa ana tambayarsa ya aiki, ya dawami. Da aka zo kan yaron nan da ya gama karatu bai samu aiki ba sai aka tsallake shi kamar ba ya wurin, ɗakin ya yi tsit. Ya sunkuyar da kai yana tara ƙwallayen dabino a gefen faranti. Can sai wan babansa ya gyara zaman gutura ya ce, "Ai namu wata biyu da gama karatu ya kama aiki. Mai nema ba ya rasawa."

Alhaji, kati ne, ba kai ba ne. Ɗanka katin ɗan ƙasa ne a aljihunsa, ɗan ƙaninka kuwa iƙama, takardar izinin zaman baƙo. A Makkar nan aka yanke wa dukansu cibiya, takarda ce ta raba su, kuma ka fi kowa sani.

Tunda lissafi ya sha maka kai, bari a yi maka shi. Yaron da ke ƙarƙashin iƙamar mahaifinsa ba shi da izinin yin aiki. Sai an samu kamfanin da zai yarda ya yi masa naƙalin kafala, wato mayar da shi ƙarƙashin kamfanin, ta Qiwa, shafin ma'aikatar ƙwadago. Ranar da kamfani ya ɗauke shi, ya ɗaukar wa kansa riyal 700 ko 800 duk wata na kuɗin ma'aikaci baƙo, wato har 9,600 a shekara, ga kuɗin iƙama, ga inshorar lafiya, tun ba a zo maganar albashi ba. Sannan ga Niɗaƙat, tsarin da ke bai wa kamfani launi gwargwadon kason 'yan ƙasa a ma'aikatansa, da aka kafa tun 2011: duk baƙon da aka ƙara yana rage kason 'yan ƙasa a kamfanin, in ya zame daga kore zuwa ja a rufe masa biza da sabunta izinin ma'aikatansa. Ɗaukar ɗanka kuwa ɗaga kamfanin yake yi. Shi ya sa hirar neman aiki takan tafi daidai har a zo kan tambaya ɗaya, "Sa'udi ne ko muƙimi?" Daga nan sai "za mu kira ka", wayar kuma ba ta ƙara ringi.

Yaron da ka yi wa gori akanta ya karanta a Khartum. Ya gama a 2022, ya dawo da takardar shaida ta wucin gadi kafin asalin shahada ta fito. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke, jami'o'i suka rufe, ofisoshin da ke buga hatimi suka watse. Shahadar da ba a tantance ba ba ta yi maka rajista da hukumar akantoci, in babu rajistar kuma ba a rubuta maka sana'ar akanta a iƙama. To ina laifinsa a nan? Shi ya harba bindigar?

Ga wanda ya fi ciwo, wanda shi ne ya sa ubansa bai ce maka uffan ba. Kuɗin murafiƙai, wato harajin iyalan da ke ƙarƙashin iƙamar mutum, da aka fara a 2017 da riyal 100, ya kai 400 a wata tun 2020. Shekara uku yana zaune, riyal 14,400 ke nan uban ya zuba a kansa shi kaɗai, ban da ƙannensa. Yanzu shekararsa 24. Da ya cika 25 ba ya zama a iƙamar uba, dole ya koma hannun wani kafili. Yaron ya san wannan lissafin har kwana. Shi ya sa yake zuwa taro a makare, ya zauna bakin ƙofa, ya riga kowa miƙewa wanke hannu, in an ce ana bikin wane ya ce kansa na ciwo. Ku kuma kuka ɗauka girman kai ne.

Su ma masu shirun ban wanke su ba. Tsallake mutum a gaisuwa ba kara ba ce, binne shi ne da ransa.

Amma kai, kai da ka buɗe baki! Shekara uku kana da rajistar kasuwanci da sunanka, kana ɗaukar bare, ko sau ɗaya ba ka ce "kawo takardunka na gani" ba. Ko kuɗin murafiƙi na wata ɗaya ba ka taɓa tura wa ƙaninka ba, sai gori a gaban surukai da yara ƙanana. Mun san shekarar da katin ya zo gidanku, mun san halin da ake ciki kafin ya zo. Kati ne, Alhaji, ba kai ba ne. In ka ga dama ka kira ni, lambar ba ta canza ba, amma ka fara kiran ƙaninka, ka tambaye shi wata nawa suka rage wa iƙamar yaron.