Nasiha ga masu ɗaukar bidiyo da waya: ku fara gyara mazauninku a gaban taga

Assalamu alaikum, 'yan uwana matasa na Jos da kewaye, musamman teloli da masu sayar da atamfa da turare da duk wanda yake tallata sana'arsa da wayar da ke hannunsa. Na daɗe ina jin wasunku suna cewa hotonsu ba zai yi kyau ba sai sun canja waya, ko sai sun sayi fitilar nan mai siffar zobe, har ana cin bashi saboda haka. Ina roƙonku da ku dakata da kashe kuɗin tukuna, domin mafi yawan bidiyon da nake gani ya lalace ba wayar ce ta lalata shi ba. Mai ɗauka ne ya zauna inda haske ba ya kaiwa fuskarsa, ya riƙe wayar a hannu tana rawa, sannan ya bar tarkacen ɗaki a bayansa.

Dalilin da ya sa haske ya zo a gaba shi ne, idon kyamarar waya ƙarami ne ƙwarai, ko da wayar mai tsada ce. Idan haske ya yi ƙaranci, sai wayar ta ƙara wa hoton haske da kanta, kuma a nan ne kuke ganin ɗigo-ɗigo kamar yashi a kan fuska da bango, launi ya dushe, motsin hannu ya riƙa barin dishi-dishi. Wayar Tecno ko Infinix da aka ajiye a gaban taga da hantsi takan fi babbar waya da aka ɗauka da ita a ƙuryar ɗaki da dare.

A ɗauka wani tela ne a Unguwar Rogo yake son ya yi bidiyo yana bayanin ɗinkin kaftani, kuma ɗakinsa yana da taga ɗaya mai kallon gabas. Abin da yakan fara yi shi ne ya zauna ya ba tagar baya, saboda yana ganin can ne ya fi haske. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, domin wayar tana auna hasken da ya fi rinjaye a hoton, ta rage shi, sai fuskarsa ta koma baƙi ƙirin, tagar kuma ta zama farin fili. Gyaran shi ne ya juyo, ya sa kujerarsa kamar mita 1 daga tagar, ya karkace kaɗan yadda hasken zai sauko masa ta gaba daga gefe ɗaya, wato kusan digiri 45, wayar kuma ta tsaya a gabansa kusa da bangon da tagar take. A haka rabin fuskarsa zai fi haske, ɗaya rabin ya ɗauki inuwa mai laushi, kuma wannan 'yar inuwar ce take fito da siffar fuska da zanen surfanin da ke wuyan riga. Kada ya ja kujerar can ciki don jin daɗin zama, domin idan tagar ƙarama ce, wanda ya matsa daga mita 1 zuwa mita 2 abin da yake samu na haske bai wuce kusan kashi ɗaya cikin huɗu na farko ba.

Sai batun lokaci, wanda da yawa ba sa lura da shi. Tagar gabas tana shigo da rana kai tsaye da safe, kuma rana kai tsaye tana sa goshi da hanci ƙyalli, ta sa mutum ya riƙa runtse ido, ta kuma zana inuwar ƙarfen tagar a kan rigarsa. Telan nan ko dai ya jira har rana ta ɗaga ta bar tagar, wajen ƙarfe 11 zuwa bayan azahar, ko kuma ya rataya farin yadi mara kauri a kanta ya tace hasken. Farin ne kawai ake so, domin jan labule ko kore zai shafa wa fata da kaya launinsa, kamar yadda bango mai shuɗin fenti yake yi idan an zauna dab da shi. Wanda Allah ya ba tagar kudu ko arewa ya fi samun sauƙi, amma shi ma ya san cewa garinmu yana kusan digiri 10 ne arewa da layin da ya raba duniya kudu da arewa, saboda haka daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta rana tana bi ta arewa da mu kaɗan, sauran shekara kuma ta kudu. Tagar kudu da take ba da haske mai taushi da damina, ita ce za ta cika da rana a watan Disamba. Hazon hunturu kuwa alheri ne ga mai ɗauka, domin yana tace rana a sama tun kafin ta iso, sai dai ƙurarsa tana kwanciya a kan gilashin kyamara, don haka a goge shi da tsumma mai laushi kafin kowace ɗauka. Idan kun ga hotonku ya yi hayaƙi-hayaƙi, ku fara duba gilashin kafin ku zargi wayar.

Idan inuwar ɗaya gefen fuskar ta yi duhu da yawa, kada ku kunna ƙwan ɗaki don ku cike ta. Hasken rana fari ne mai ɗan shuɗi, na wasu ƙwaye kuma rawaya ne, idan suka haɗu wayar ba ta iya daidaita su, sai kunci ɗaya ya fito da launi daban da ɗayan. Ga kuma wutarmu da take bugawa sau 50 a daƙiƙa, wadda takan sa wasu ƙwaye su haifar da layuka masu yawo a bidiyo. Abin da ya dace shi ne a kashe ƙwan, a samo farin kwali babba irin na 'yan makaranta, a jingine shi a kan kujera a gefen da inuwar take, kamar rabin mita daga kafaɗa, ya mayar wa fuskar da hasken tagar. A matso da shi ko a janye shi har sai ido na gefen inuwar ya fito sarai.

Akwai wani abu da ya shafe mu kai tsaye, wato baƙar fata da farar shadda. Wayar takan ga farin rigar ta rage haske don kada ya ƙone, sai fuska ta nutse. Saboda haka bayan kun zauna, a danna kan fuskar a allon wayar a riƙe na ɗan lokaci har ma'aunin hasken ya kulle. A iPhone za ku ga an rubuta AE/AF LOCK, a wayoyin Android da dama kuma alamar kwaɗon kulle ƙofa ce take fitowa. Daga nan a ja 'yar alamar rana sama ko ƙasa har fuskar ta fito daidai, ba tare da zanen shaddar ya ɓace ba. Kullewar tana hana hoton yin haske da duhu duk lokacin da kuka ɗaga hannu ko kuka nuna yadi. Amma da daminar Jos, inda hadari yake rufe rana cikin ɗan lokaci, idan hasken ya sauya a tsakiyar ɗauka sai a tsaya a sake kullewa.

Game da madogarar waya maganar gajera ce: kada ta kasance a hannu. Wanda yake da abin ɗora waya mai ƙafa uku ya yi amfani da shi. Wanda ba shi da shi ya jera littattafai ko kwalaye masu nauyi a kan teburi, ya ɗora gwangwanin madara cike da yashi ko shinkafa, ya ɗaure wayar a jikinsa da roba, ya tabbatar ta tsaya cak ba ta kwanta baya ba. Tsayin shi ne abin lura, gilashin kyamarar ya yi daidai da idon mai magana. Wayar da aka jingina a ƙasa tana kallon sama ba ta nuna komai sai haɓa da ƙofofin hanci da rufin ɗaki. Kuma telan nan kada ya ɗora ta a kan teburin keken ɗinkinsa, ko wanda yake dafawa yana magana, domin kowace girgiza za ta shiga hoton.

Tsara abin da zai shiga hoton kuwa yana farawa ne da nisa. Kyamarar 1x mai faɗin gani ce, idan ta matso fuska sosai sai hanci ya kumbura, kunnuwa su janye baya, 0.5x kuma ta fi muni. A bar tazarar mita 1 zuwa 1 da rabi, a yi amfani da kyamarar baya domin ta fi ta gaba kyau a yawancin wayoyi. Wanda wayarsa take da gilashin 2x na musamman zai iya ja baya ya yi amfani da shi, amma a ƙananan wayoyi 2x yanke hoton kawai yake yi, ingancinsa ya ragu. A kunna Grid a saitin kyamara, layuka biyu a tsaye biyu a kwance za su bayyana. A sa idanu a kan layin sama na kwance, a bar sarari kamar faɗin tafin hannu a saman hula ko ɗankwali, a kuma daidaita layin tsaye da gefen ƙofa don a gane ko wayar ta karkace. Idan bidiyon na tsaye ne don TikTok ko Instagram, ku tuna rubutu da maɓallan manhajar suna rufe ƙasan allon da gefen dama, don haka kayan da ake tallatawa su tsaya a tsakiya, daga ƙirji zuwa sama.

Bayan mai magana ma yana buƙatar kulawa. Ya nisanci bango da kamar mita 1 don inuwarsa kada ta manne a jiki, a kwashe bokiti da igiyar caji da kayan wanki, a bar abu ɗaya ko biyu da suke nuna sana'ar, kamar kaftani biyu a rataye. A nan ina ƙara jan kunnenku a kan mutuncin gida: ku duba ko madubi ko buɗaɗɗiyar ƙofa suna nuna iyayenmu mata ko ƙannenmu a tsakar gida, domin abin da ya hau intanet ba ya dawowa. Haka kuma mai sayar da yadi ya guji tace hoto da abin da yake canja launi, tunda mai saye a Bukuru ko Abuja abin da ya gani a allo shi yake biya wa kuɗi, kuma nuna masa launin da ba shi ne ba cin amana ne.

Kafin a ɗauki cikakken bidiyon, a gwada na daƙiƙa 10, a tashi a kalle shi a inuwa. A duba ko akwai ɗan ƙyallin taga a cikin idanu biyu, ko zanen farar rigar yana nan, ko kuma gefen ƙofa ya miƙe. Idan komai ya yi daidai, a yi alama da alli a ƙasa inda ƙafafun kujera da na teburin suke, a kuma rubuta lokacin da aka yi ɗaukar, domin gobe a mayar da komai mazauninsa ba tare da an sake lalube ba.