Sunan wa za a rubuta a allon?

Yayata da aminiyarta sun kama shago a Samaru, kusa da jami'a, za su buɗe gidan abinci. Yaya ce mai hannu, shekara 9 tana sayar da waina da miyar taushe a zauren gidanta a Tudun Wada. Hajiya kuma ita ta kawo kuɗin hayar shekara, da firiza, da tukunyar gas. Batun riba bai ɗauke su minti goma ba, raba daidai. Sai ranar da mai rubuta allo ya zo ya tsuguna da gwangwanin fenti, ya ce me zai rubuta.

Yaya ta ce a sa laƙabinta, wanda ake kiranta da sunan ɗanta na fari, tunda shi masu ciniki suka sani. Hajiya ta gyara mayafi ta ce, "Haba ƙawata, ni in biya haya, allo ya ce shagonki ne?" Yaya ta ce, "Hajiya, firiza ake zuwa ci ko waina?" Mako biyu ko gaisuwa babu.

Duk da jinina ce, a nan bayan Hajiya nake. Ko da sunansu su biyu na kan takardar rajista, in laƙabin mutum ɗaya ne a allo, ranar da aka rabu sunan zai bi mai shi ya fita, masu ciniki su bi sunan. A bar ɗayar da tukwane.

Amma ita ma Hajiya ta yi azarɓaɓi. Cikin fushi ta zaɓi nata sunan mai ɗauke da kalmar National, ta ba da a buga leda 2,000, ba ta nemi a duba sunan a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ba. Alhali dokar kamfanoni ta 2020 ta ce kalmomi irin su National da Federal sai da amincewar hukumar, kuma ba a karɓar sunan da ya yi kama da na wani har ya iya ruɗa mutane. Abin da ake yi shi ne a fara neman sunan a shafinsu. In ya wuce, sai a riƙe maka shi kwana 60 ka kammala rajista a ciki, sannan ka je wurin mai fenti. Nata bai wuce ba. Ledar tana nan jibge a sito.

Asarar ce ta sa suka zauna. Suka fitar da sunan da ba na kowa ba, suka rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu cewa duk wadda ta fita ba za ta tafi da shi ba.

Jiya na tambayi wani ɗalibi a bakin get inda yake karyawa. Ya ce, "Wajen mai wainar nan ta gindin darbejiya."